Albashi ko Jinga? Matsayin Ma'aikaci da Ɗan Kwangila a Yankin Noman Rani na Kura

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta ta babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, yanayin neman abinci a wannan yanki ya sake kama. Ƙasar da a da samarinta kan tafi cin rani da zarar an kai amfani gida, sai ga ta ita ce ake zuwa cin rani cikinta. Alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa suka bi juna a gona ɗaya, damina da rani. A bayan gonakin kuma aka sami injinan casar shinkafa, da rumbunan ajiya, da masu hayar tarakta, da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, da ofisoshin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976.

Duk waɗannan wurare hannun ɗan Adam ne ke tafiyar da su, kuma kowane hannu da sunan da aka ɗauke shi da shi. Wani an kira shi ma'aikaci, wani an kira shi ɗan kwangila, wani kuwa ba a kira shi kome ba, sai dai a sallame shi da yamma. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan suna ba ado ba ne. Shi ke yanke irin harajin da za a cire wa mutum, da ko yana da fansho, da ko za a biya shi ranar da ya kwanta ciwo, da abin da zai shiga da shi gida a ƙarshen wata. Ra'ayin da za a kare shi ne, jinga ta gaskiya halal ce kuma tana da amfani, amma kwangilar da aka lulluɓa wa ma'aikaci don a tsere wa haƙƙinsa zalunci ce, ko da shi da kansa ya yi murna da ita.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Kafin zuwan dokar ƙwadago Bahaushe ya san bambancin nan, har ya ba kowane kashi sunansa. Akwai barantaka, inda bara yake ƙarƙashin ubangida, ya yi abin da aka sa shi, a lokacin da aka sa shi, da kayan aikin gidan. Shi kuma ubangida ci da sha da suturar baransa suna wuyansa, in ya yi ciwo ya nema masa magani, in aure ya zo ya tsaya masa. Akwai kuma jinga, inda za a nuna wa mutum fili a ce ya nome shi a kan kuɗi kaza. Ko ya yi da asuba ko da la'asar, ko shi kaɗai ko ya gayyato ƙannensa, ba ruwan mai gona. In ya gama da wuri ribarsa ce, in ƙasa ta yi tauri asararsa ce, kuma da an biya shi magana ta ƙare.

Abin lura a nan shi ne, kowane tsari a cikin biyun nan yana da ma'auninsa. Bara ya ba da 'yancinsa ya sami inuwa. Ɗan jinga ya haƙura da inuwa ya riƙe 'yancinsa. Dokar zamani ba ta yi wani abu ba face ta rubuta wannan ma'auni, ta sa masa adadi. Ɓarnar da ake kuka da ita a yau tana faruwa ne a inda mai aiki ya so ya haɗa biyu, watau ya mallaki lokacin mutum kamar bara, amma ya sallame shi kamar ɗan jinga.

Yadda shari'a ke rarrabewa

Mutane da yawa suna zaton abin da aka rubuta a saman takarda shi ne hukunci. Ba haka ba ne. A shekarar 2008, cikin shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta jera alamomin da ake dubawa in an yi gardama. Ana duba ko albashi ake biya wata-wata ko kuwa ladan aikin da aka gama. Ana duba wanda ya kawo kayan aiki. Ana duba ko mutum yana da ikon turo wani ya yi aikin a madadinsa, da ko an ƙayyade masa lokacin zuwa da na tashi, da kuma ko a harabar mai aikin yake yinsa. Ba alama ɗaya ke yanke hukunci ba, haɗa su ake yi a ga inda suka rinjaya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar mai lamba 198 a 2006, ta ce a bi abin da ke gudana a zahiri, kada a bi sunan da ɓangarorin biyu suka raɗa wa huldarsu. A kan irin wannan tunani ne Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi yarda a 2021 cewa direbobin Uber masu zaman kansu ne.

In aka ɗauko waɗannan alamomi aka kawo su Kura, abin ba shi da wuyar ganewa. Mai tarakta da ke zagaya gonaki daga Kura zuwa Bunkure, yana yin haro a kan kuɗi kaza kowace eka, yana sayen mansa, yana biyan yaronsa, yana ƙin aikin da bai yi masa ba, wannan ɗan kwangila ne ba ko shakka. Haka ƙungiyar samarin da aka yi jinga da su a kan dashen shinkafa ko tsinkar tumatir a kwando. Amma mutumin da ke tsaye a gaban injin casa tun ƙarfe bakwai na safe, kwana shida a mako, shekara uku a jere, injin ba nasa ba, ba shi da ikon turo ƙaninsa, in ya makara a yanke masa kuɗi, wannan ma'aikaci ne, ko da an buga masa hatimin kwangila goma. Daɗin daɗawa, Dokar Ƙwadago ta 1974 da ta zo bayanin wanda take karewa, ta haɗa har da wanda ya yi alkawarin yin aikin ƙarfi da hannunsa shi da kansa, kuma ta ce ko da baki aka yi alkawarin ya ɗauru. Waɗanda ta ware su ne masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru, su kam abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ne madogararsu.

Lissafin mutum biyu

Don kada magana ta tsaya a sama, sai a ƙaddara mutum biyu masu sarrafa inji a wata masana'antar casar shinkafa a Kura, wadda ke da ma'aikata fiye da talatin. Kowannensu an yanka masa Naira 200,000 a wata, watau Naira 2,400,000 a shekara. Na farko an ɗauke shi ma'aikaci, na biyu an ce da shi ɗan kwangila. Don sauƙin lissafi, a ɗauka duk kuɗin na farko ana lissafa fansho a kansu, kuma a ajiye batun rangwamen kuɗin haya a gefe, tun da ya shafi su biyun daidai wa daida.

Dokar Fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, a zuba duka a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Saboda haka za a cire wa na farko Naira 16,000 a wata, masana'anta ta ƙara Naira 20,000. Sai haraji. Bisa Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, Naira 2,200,000 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Ana fitar da kuɗin fansho kafin a auna haraji, don haka abin da ya rage na shekara shi ne Naira 2,208,000. In aka ɗebe 800,000, saura 1,408,000, harajinsu kuwa Naira 211,200 ne, watau 17,600 a wata. Ke nan abin da zai kai gida a ƙarshen wata shi ne Naira 166,400.

Na biyu fa? Shi ba a cire masa fansho, ba a kuma cire masa harajin albashi. Abin da ake yi shi ne a riƙe wani kaso daga ladansa a aika wa hukumar haraji. Ƙa'idojin da aka fitar a 2024 sun sa kashi 5 cikin ɗari a kan ladan aikin fasaha da na ƙwararru, da kashi 2 a kan sauran hidimomi, kuma ana ninka kason in mutum ba shi da lambar shaidar biyan haraji. A ce an riƙe masa kashi 5, watau Naira 10,000. Zai fita da Naira 190,000 a hannu, ya ɗara abokinsa da Naira 23,600. A nan ne yaudarar take, domin wanda ya dubi hannuwan mutanen nan biyu a ranar biya zai rantse na biyu ne ya yi sa'a.

To, ba a nan take ba, wai an danne bodari ta ka. Kuɗin da aka riƙe ba shi ne harajin ba, kafin alƙalami ne kawai. Wajibi ne ɗan kwangila ya kai lissafin shekararsa ga Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano kafin ƙarshen watan Maris, a auna ribarsa da ma'aunin nan da aka auna albashin abokinsa. Tun da an ce shi mai zaman kansa ne, sifana da giris da safar hannu da takunkumin ƙura da ƙananan gyare-gyare duk sun koma wuyansa. A ce suna cin Naira 25,000 a wata, watau 300,000 a shekara. Ribarsa ta zama 2,100,000, harajinta kuwa 195,000. An riga an riƙe 120,000, saura ya ciko 75,000. In aka fitar da kuɗin kayan aiki da haraji, abin da ya rage masa a shekara Naira 1,905,000 ne, watau 158,750 a wata. Ashe ma bai kai abokinsa ba, wanda ya sami 1,996,800 a hannu, ga kuma 432,000 kwance a asusun fansho. Tazarar da ke tsakaninsu a shekara guda ta haura Naira 520,000.

Daga wannan lissafi ana iya fitar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Kafin ɗan kwangilan nan ya yi kunnen doki da ma'aikacin, sai ladansa ya kai kusan Naira 250,000 a wata, watau ƙarin rubu'i a kan albashi. Duk wanda aka ce da shi ya bar albashi ya koma kwangila a kan kuɗi ɗaya, to, rage masa aka yi, ko da kuɗin hannunsa sun ƙaru. Ita kuwa masana'anta, na farko yana cin mata aƙalla Naira 222,000 a wata in an haɗa da kaso ɗaya cikin ɗari na asusun diyya, na biyu kuwa 200,000 cif. Wannan rata ita ce dalilin da ya sa kalmar kwangila ta yi farin jini a bakin masu ɗaukar aiki.

Ranar da jiki ya ƙi

Lissafin da ya gabata an yi shi ne a kan shekarar da kome ya tafi daidai. Amma shekara ba ta tafiya haka. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikacin da ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Ta kuma ba shi har kwana goma sha biyu a shekara na rashin lafiya, in likita ya shaida. Mace mai ciki tana da mako goma sha biyu, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin. Waɗannan adadi ƙanana ne, gaskiya, amma ɗan kwangila ko su ba shi da su. A yankin da ruwa ke kwance a gonakin shinkafa da magudanai rani da damina, zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne. In ana aiki kwana 26 a wata, kowace rana ta mutumin nan ta biyu tana daidai da kimanin Naira 7,700, saboda haka kwana goma sha takwas ɗin da abokinsa zai huta a biya shi, shi asarar kusan Naira 138,000 ce.

Babbar magana kuwa ita ce haɗari. Bel ɗin inji ba ya tambayar takardar mutum kafin ya kama hannunsa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki biyan kaso ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya zuwa wani asusu na tarayya, ba tare da an taɓa albashin ma'aikaci ba. Daga asusun ne ake biyan magani da diyya in mutum ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya rasu a bakin aiki. Dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo. Har ila yau Dokar Fansho ta wajabta wa mai aiki yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ga mutumin farko wannan Naira 7,200,000 ke nan ga magadansa. Iyalin na biyu kuwa sai abin da mai masana'anta ya ga dama ya kawo ranar sadakar uku.

Haka abin yake game da sallama. Wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar yana aiki, doka ta ce a ba shi sanarwar mako biyu, wanda ya kai shekara biyar kuma wata guda, ko a biya shi kuɗin wannan lokaci. Sana'ar wannan yanki kuwa mai tsayawa ce ba zato. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano, har masana'antar tumatir ta Kadawa, wadda aka buɗe a wannan shekarar, ta rasa abin sarrafawa. Shanshera takan yi tsada inji ya yi shiru, a kan kuma rufe hanyar ruwa don gyara. A irin wannan lokaci albashin ma'aikaci yana nan har sai an sallame shi bisa ƙa'ida. Ɗan kwangila kuwa ranar da inji ya tsaya, ranar tukunyarsa ta tsaya.

Na ƙasa ya fi shan wuya

Wani zai ce ai mutum mai Naira 200,000 ba shi ne yawancin mutanen Kura ba. Gaskiya ne, kuma in aka sauko ƙasa abin ya fi muni. A ɗauki mai gadi ko mai ɗinkin buhu da ake ba Naira 70,000 a wata, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024. In ma'aikaci ne, ba ya biyan harajin albashi ko kwabo, domin bayan an cire fansho abin da ya rage, Naira 772,800, bai kai 800,000 ba. In kuwa an kira shi ɗan kwangila aka riƙe masa kashi 2, an ɗauke masa Naira 16,800 a shekara, alhali ko bai fitar da kuɗin kayan aiki ba harajin da ke kansa bai wuce Naira 6,000 ba. Kafin ya karɓo rarar sai ya mallaki lambar haraji, ya karɓi takardar shaidar cewa an aika da kuɗin, ya cika fom, ya yi ta zirga-zirga. Wanda ya san halin talaka ya san ba zai je ba. In ma ba a ba shi takardar shaidar ba, ba shi da hanyar sanin ko kuɗin sun isa hukuma ko sun tsaya a hanya. Jihar da ta yi alfahari da soke haraji da jangali a 1979, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, bai kamata ta bari a dawo wa talaka da haraji ta bayan gida ba.

Sa'an nan ita kanta Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta bar ƙofofi a buɗe. Ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta shafi wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi ko bisa kamasho ba, ta kuma ware aikin da ke bin yanayi, irin su noma. Dokar Fansho ita ma masu ma'aikata 15 ko fiye ta ambata a fili cikin kamfanoni masu zaman kansu. Mai wayo sai ya riƙe mutum goma a littafin albashi, sauran arba'in ya kira su 'yan kwangila, ya fita daga ƙarƙashin dokokin biyu a lokaci guda. Waɗanda suka ware noma sun yi tunanin aikin wata huɗu ne na damina. Amma a inda ruwan Tiga ke gudana, wanda ya gama da shinkafar damina ya shiga alkama da tumatir, ya fita ya shiga shinkafar rani, yaushe aikinsa ya zama na yanayi?

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari masu ganin akasin haka, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Ta farko ita ce, yawancin masu ɗaukar aiki a Kura ƙananan manoma ne masu eka ɗaya ko biyu, waɗanda su kansu bashin taki ke wuyansu. A ce irin wannan manomi ya buɗe wa masu dashensa asusun fansho, wasa ne. Wannan gaskiya ce, kuma ba da shi ake ba. Aikin kwana uku jinga ne, kuma jinga ta wadatar. Da waɗanda ake su ne masu littafin albashi da akawu da ƙofar shiga mai gadi.

Ta biyu ita ce, ma'aikatan da kansu sukan zaɓi kuɗi a hannu. Suna ganin fansho ba a taɓa shi sai an kai shekara hamsin ko an yi ritaya, in ban da rubu'in da ake iya cira bayan wata huɗu ba aiki, ga shi kuma tsadar kaya tana cin darajar Naira kowace shekara. Wani zai ce gara ya sayi tunkiya ko ya kama hayar gona. Wannan ma magana ce mai nauyi. Sai dai wanda ya ƙi fansho don ya tsare kashi 8 nasa, ya yafe wa mai aiki kashi 10 da ba daga aljihunsa za su fito ba. In da gaske zaɓi ake ba shi, sai a ɗora masa waɗannan kashi 10 a kan ladansa ya sayi tunkiyar da su. In ba a ɗora ba, ba zaɓi aka ba shi ba.

Ta uku ita ce, a zahiri 'yan kwangila ƙalilan ne ke kai lissafin shekara, don haka cikon Naira 75,000 ɗin nan a takarda kawai yake. Ko an yarda da haka, abin da zai rage wa mutum na biyu bayan kayan aiki Naira 1,980,000 ne, har yanzu bai kai abin da abokinsa ya karɓa a hannu ba, balle a yi maganar fansho. Kuma ribar da aka gina a kan ƙin bin doka bashi ce, ranar da mutum ya nemi takardar shaidar biyan haraji don neman fili ko wata kwangilar, ranar za a tuna masa.

Abin da ya kamata

Gyara na farko yana hannun mai neman aiki, kuma tambaya ce kafin a sa hannu: kayan aiki na wane ne, wa ke yanka lokaci, ana iya turo wakili, wa zai biya in an ji rauni? In amsoshin sun nuna barantaka, sai a nemi haƙƙin ma'aikaci. Doka ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, kuma babu abin da ya hana a rubuta ta da Hausa, da boko ko da ajami, yadda mai ita zai karanta da kansa. Wanda aka ƙi ba takarda, ya adana duk abin da ke nuna zahiri, kamar katin shiga, da saƙon banki na kowane wata, da jadawalin aiki mai sunansa. Irin waɗannan ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, za ta duba. Wanda kuma ɗan kwangila ne na gaskiya, ya sa rubu'in nan a cikin farashinsa, ya riƙa rubuta abin da ya kashe, ya karɓi takardar shaidar duk kuɗin da aka riƙe masa, ya kuma san cewa tun 2019 aka buɗe wa masu zaman kansu hanyar yin ajiyar fansho da kansu.

Gyara na biyu na hukuma ne. Ya kamata a sake duban ware aikin noma daga mafi ƙarancin albashi, a auna shi da yawan watannin da mutum ya yi wa mai aiki ɗaya, ba da sunan sana'ar ba. Wanda ya yi wata tara ko goma a gona ɗaya ko masana'anta ɗaya ba ɗan cin rani ba ne. Ya kamata kuma jami'an ƙwadago da na haraji, in sun shiga masana'anta, su ƙirga kawunan da ke bakin inji su gwada da sunayen da ke littafin albashi, domin a tsakanin adadin biyu ne gaskiya take ɓuya. Haka nan bai dace a riƙe kome daga ladan wanda abin da yake samu a shekara bai kai ma'aunin haraji ba.

Kammalawa

An ga yadda mutum biyu masu aiki ɗaya, a kan kuɗi ɗaya, suka rabu da tazarar fiye da rabin miliyan a shekara, ba don ɗaya ya fi ɗaya ƙwazo ba, sai don kalma ɗaya da aka rubuta a saman takarda. An ga kuma cewa wanda ya fi kuɗi a hannu ranar biya shi ne ya fi asara in shekara ta zagayo. Ba a nemi a kashe jinga ba, domin da ita noman rani ke tafiya, kuma mai tarakta da ɗan dashe ba su nemi kowa ya zama ubangidansu ba. Abin da aka nema shi ne a koma kan ma'aunin da kakanni suka sani: wanda ya mallaki safiyar mutum da yammacinsa, ya ɗauki nauyin ciwonsa da tsufansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.